Biyar da Rabi na Sakkwato

Surukina bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah, ni ma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In zan wuce ta zaure sai na cire takalmi na durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Haka muka zauna shekaru, kuma a duk gidan nan namu na garin Tawa, a ƙasar Nijar, ba ni da masoyi kamarsa. Abin da ya haɗa mu wata 'yar takarda ce da ya shigo da ita daga Sakkwato.

A lokacin wata bakwai ke nan da tarewata. Shekarun fari ne, zamanin soja, mutanen arewa sun cika gefen gari da 'yan rumfunansu, motocin hatsin agaji suna shiga suna fita. Ni ina aiki a ɗakin awon jini na asibiti, in ɗebi jini, in zuba magani, in duba, in rubuta. Mijina malamin lakol ne, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce masa yadda ake kiran malami da Faransanci, har ni. Baba kuwa, surukin nawa, baduku ne, ya tsufa a kan fata, kuma gidansa bai rasa hatsi ba ko a wannan shekara, domin mutum ne mai tanadi. Abu ɗaya yake ɓarna a kai, shi ne shayi. Kullum bayan la'asar ana hura gawayi a ƙofar zaure, wani abokinsa Buzu mutumin Takanamat, wanda fari ya cinye wa dabbobi, shi ke dafawa. Na ukunsu Majo ne, tsohon shugaban ma'aikatan jinya da ya yi ritaya. Rabin mutanen unguwarmu shi ya yi musu lamba a hannu, har da Mushe, saboda haka in Majo ya yi magana a kan ciwo an rufe zance.

Idon Baba ne ya fara yana, zare ya daina shiga allura. Ya tafi Sakkwato wurin wani ƙanensa, aka kai shi asibiti, aka ɗebi jininsa da safe kafin ya karya, aka ce yanar ba ta nuna ba tukuna, ya dawo baɗi. Ya dawo da maganin ɗigawa da takarda ɗaya da ya ninke ya sa a jakar fata. Da aka zauna shayi sai ya miƙa wa Majo. Takardar da Ingilishi take, Majo kuma ko gaisuwa bai iya da Ingilishi ba, amma sunan sukarin jini iri ɗaya ake rubuta shi da na Faransanci. Ya ga sunan, ya ga lamba a gabansa, biyar da ɗigo da biyar. An ce sai da ya ajiye kofinsa.

A wurinmu nan, tun zamanin Faransawa, sukarin jini da giram ake faɗarsa a cikin lita ɗaya. Mai lafiya da bai karya ba yana wajen giram ɗaya. Wanda ya kai biyu, ciwon sukari ya kama shi. Biyar da rabi kuwa mutum ne da ya kamata a ce yana kwance ana ƙara masa ruwa. Majo ya tambayi Baba ko yana jin ƙishirwa. Watan bazara ne a Tawa, wa ba ya jin ƙishirwa? Ya tambaye shi ko yana yawan zagayawa. Mutumin da ke shan kofi uku na shayi, ya bi da buta guda ta ruwa, ai dole ya zagaya. Nan take Majo ya yanke hukunci. Babu sukari, babu zuma, babu dabino, babu fura, tuwo ma sai loma biyu. Aka bar wa Baba zogale da tafasa da ɗan wake.

Ni ce mai dafa zogalen. Wannan shi ne abin da har yau yake ba ni haushin kaina. Ina wuni a asibiti ina auna jinin mutanen gari da na ƙauyuka, in dawo gida in dafa wa surukina ganye ba tare da na taɓa ganin takardarsa ba. An ce mini biyar da rabi, na riƙe baki, na ce Allah ya sawwaƙe. Na dai ce wa Mushe a kai shi asibitinmu a sake aunawa. Baba ya aiko da amsa cewa jinin da aka ɗiba a Sakkwato bai gama mayar da shi ba, kuma ba zai je ya miƙa hannu a ɗakin da matar ɗansa take ba. Ban sake tayar da maganar ba, domin amarya ba ta cewa a buɗe mata jakar suruki.

Sai Baba ya fara ramewa. Rigarsa ta koma kamar ta aro, wuyansa ya fito. Majo yana ganin haka ya ce ai ga shaida nan, mai ciwon sukari ramewa yake yi, sai ya rage loma biyun ta koma ɗaya. Baba ya ƙara ramewa, Majo ya ƙara tabbata. Don nuna zumunci shi ma Majo ya daina sa sukari a nasa shayin, suka zauna su biyu suna kurɓar ɗaci suna yamutsa fuska. Buzun nan ya jure kwana uku, a na huɗu ya ce shi bai iya dafa wannan abu ba, a garinsu ko maƙiyi ba a ba shi. Ya ci gaba da zuwa yana zama, amma ya daina taɓa butar.

Inna, uwar mijina, ita kaɗai ce ba ta yarda ba. Ta taɓa jin cewa fitsarin mai ciwon sukari yana tara kiyashi, sai ta bi bayan mijinta a ɓoye ta duba. Ta zo ta same ni a madafa tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, kwana ukku ina hwako. Ko kiyashi guda bai zo ba. Su kiyashin Tawa ba su san biyat da rabi ba?"

Na yi dariya har na ƙone yatsa, na ce mata kiyashi ba su yi lakol ba. Na ɗauki maganarta maganar tsofaffi. Ashe a duk gidan ita da kiyashinta ne suke kan hanya.

Dariyar ta ƙare ranar da na ga Baba ya tashi daga buzun salla ya dafa bango. A shekarar da mutane ke tafiyar kwana da kwanaki don mudun hatsi, ga mutum da rumbunsa cike yunwa tana kayar da shi. Inna tana dama wa bayin Allah da ke zuwa ƙofa fura, shi yana zaune yana kallo. Ya kira Mushe ya fara gaya masa inda kayan aikinsa suke da wanda za a ba. Ranar na ji tsoro, na shiga ɗaki na yi kuka.

Majo ya ga ganye bai yi magani ba, sai ya ce a fara ƙwayoyin da ke saukar da sukari. Ya rubuta sunansu, ya ce a haɗa da takardar Sakkwato a nuna wa mai farmasi, wato kantin magani. Mushe yana da aji da rana, don haka ya ba ni duka biyun ya ce in biya in sayo in na taso. Baba zai fara sha washegari da safe. Haka takardar ta shigo hannuna, bayan ta yi sati biyar tana mulkin gidanmu.

Na buɗe ta ina tafe a hanya. Ta sha ninki har ta kusa rabuwa, ga warin fata. Na ga biyar da rabi. Sai na miƙar da ninkin da babban yatsa, domin a wurin aiki an koya mana lamba ba ta tafiya ita kaɗai, dole akwai ma'auni a bayanta. A cikin tsagar ninkin, rabi hatimi ya danne, ga wasu 'yan ƙananan haruffa: mmol/L. Na tsaya cik a tsakiyar hanya har wani mai amalanke ya yi mini tsawa.

Ban je farmasi ba. Na juya gida da sauri, na tarar da Mushe ya dawo yana wanke ƙafa. Na ce ya kawo alli. Na ce masa mutanen Sakkwato ba giram suka rubuta ba, milimol suka rubuta. Ya tambaye ni mene ne kuma milimol, sai na fara masa bayani a kan ƙofar ɗakinmu ta kwano, ina rubutu ina faɗa.

Na ce masa mu nan auna nauyin sukarin muke yi, su can ƙirga ƙwayoyinsa suke yi. Mol adadi ne, kamar yadda ƙwaryar goro take ɗari ko goron manya ne ko ƙanana. In kana so ka san nauyin ƙwarya sai ka san wane irin goro ne. Sukarin jini, wanda muke kira gulukos, kowace ƙwayarsa tana da karbon shida, haidurojin goma sha biyu, oksijin shida. Karbon nauyinsa sha biyu, sau shida, saba'in da biyu. Haidurojin ɗaya ɗaya ne, sha biyu ke nan. Oksijin sha shida, sau shida, casa'in da shida. In ka tara, ɗari da tamanin. Wato mol ɗaya na gulukos giram ɗari da tamanin ne. Milimol kuwa kashi ɗaya cikin dubu ne na mol, saboda haka nauyinsa miligiram ɗari da tamanin.

Mushe mutum ne mai saurin lissafi, wannan ne abin alfaharinsa, kuma ba ya jira a gama magana. Ya fizge allin ya buga biyar da rabi sau ɗari da tamanin. Ya samu ɗari tara da casa'in. Ya san a asibitinmu akwai wasu 'yan tsinkayen awo da suka zo cikin kayan agaji, masu faɗar sukari da miligiram, kuma ya sha ji ina cewa mai lafiya yana wajen ɗari. Ya dubi ɗari taransa da casa'in, ya zauna daɓas a bakin turmi, ya fara salati. A ganinsa na zo ne in gaya masa abin ya fi yadda ake zato muni.

Ni kuma ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na ce masa ya tashi ya bar mini turmi, malamin da ke bugun yara a kan ma'auni ga shi ya manta da ma'auni. Ɗari tara da casa'in ɗin nan a cikin lita guda ne. Tsinkayenmu kuwa a desilita suke faɗa, kuma desilita goma ke cikin lita. Sai a raba gida goma. Ya dubi ƙofar, ya share sifirin ƙarshe da yatsa. Casa'in da tara. Miligiram casa'in da tara a desilita, wanda a bakin Majo bai ma cika giram ɗaya a lita ba. Baba lafiyarsa ƙalau, sukarinsa kamar na saurayi.

Mushe ya yi dariya, ya yi hawaye, ya ce bari ya ruga ya gaya wa Baba. Na riƙe masa riga. Baba ba zai saurari ɗansa a kan Majo ba, balle matar ɗansa. In Majo bai janye maganarsa da bakinsa ba, gobe zai aiki wani ya sayo ƙwayoyin, kuma ƙwayar saukar da sukari a cikin tsohon da ba shi da ciwon, ga cikinsa babu komai, tana iya sumar da shi har ya wuce. Sai Mushe ya ce to shi dai ba zai iya zuwa ya ce wa Majo ya yi kuskure ba, mutumin da ya san shi tun ba wando. Na ce na gode, na ɗauki mayafina.

A hanya na shirya ladabi iri-iri. Zan je a matsayin ɗaliba, in ce wata lamba ta rikita ni a wurin aiki, ya taimaka mini, har ya gano abin da kansa ya ɗauka shi ya gano. Na same shi a ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, a ƙofar gidansa. Na durƙusa, na gaishe shi, na miƙa takardar na nuna masa 'yan haruffan, na ce Baba Majo ko wannan me take nufi. Ya ɗaga tabarau ya duba sama-sama, ya ce rubutun Ingilishi ne, su haka suke rubuta giram ɗinsu. Sannan ya ce in ƙara wa zogalen ruwa.

Nan ladabina ya ƙare. Na ce masa ba giram ba ne, kuma sati biyar ke nan muna kashe tsoho da yunwa a banza. Na faɗa da ƙarfi har matarsa ta leƙo. Da na ji abin da ya fito daga bakina sai na so ƙasa ta tsage. Majo ya dube ni.

"Ke ɗiyag ga, shekara talatin ina aikin ga tun ba a haihe ki ba. Lamba ta canza ne don kin yi lakol?"

"Lamba ba ta canza ba, Baba Majo. Mudun na daban."

Ban san daga ina kalmar mudu ta zo mini ba, amma ita ta tsayar da shi. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa biyu ya san mudu biyar na wani gari ba mudu biyar na wani ba ne. Ya ce in zauna. Ya aika aka kawo masa bik da tsohon kaye, wato biro da littafin rubutu, ya ce in faɗa a hankali shi zai rubuta, don bai yarda da lissafin da bai yi da hannunsa ba.

Na sake bi da shi tun daga ƙwaryar goro. Ya tara saba'in da biyu da sha biyu da casa'in da shida da kansa, ya samu ɗari da tamanin, ya sake tarawa daga ƙasa zuwa sama. Ya tambaye ni ko sukarin kwali da muke jefawa a shayi shi ma ɗari da tamanin ne. Na ce a'a, wannan wani goron ne, ƙwayarsa ta fi girma, mol ɗinsa ɗari uku da arba'in da biyu, kuma ba shi ake aunawa a jini ba. Ya gyaɗa kai ya rubuta a gefe. Da muka zo rabawa goma sai ya ɗaga hannu ya ce in dakata. Ya ce in milimol ɗaya ɗari da tamanin ne a lita, aka zuba litar a kofi goma, kowane kofi ya samu sha takwas. To me ya sa za a wahala? A buga lambar Sakkwato sau sha takwas kawai. Na ce haka ne, mu ma haka muke yi. Ya buga biyar sau sha takwas, casa'in. Rabin sha takwas, tara. Ya rubuta casa'in da tara ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Bai tsaya nan ba. Ya ce to da a ce gaskiya giram biyar da rabi ne, me Sakkwato za ta rubuta? Ya mayar da shi miligiram ɗari biyar da hamsin a desilita, ya raba da sha takwas, ya samu talatin da ɗan ɗori. Ya ajiye bik ɗin. Ya cire tabarau ya shafa fuska. Haushin da na zo da shi duk ya zube, tausayinsa ya kama ni, domin shi ma ya rame, kuma ba don komai ya yi abin da ya yi ba sai don yana son abokinsa.

Ya ce lissafi ya gamsar da shi, amma Baba ba a gamsar da shi da bik, sai ya gani da ido. Na koma asibiti na roƙi likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya ba ni aron kwalbar tsinkaye zuwa safe. Da na ba shi labari ya yi dariya har ya dafa tebur, ya ce in kai, amma in rufe kwalbar da kyau kada zafi ya lalata su.

Da safe kafin Baba ya karya aka taru a zaure. Ni ba zan taɓa hannun surukina ba, shi ma ba zai miƙo ba, don haka aka yi dabara. Na tsaya a bayan asabarin ƙofar cikin gida ina faɗa, Majo yana yi. Ya goge yatsan, ya huda, ya ɗiga jini a kan tsinken. Mushe yana riƙe da agogo yana ƙirga minti ɗaya da babbar murya kamar yana aji. Aka wanke jinin da ruwa, aka kara tsinken a jikin kwalba inda launuka suke jere, kowane launi da lambarsa. Na riga na gaya musu in lissafinmu gaskiya ne launin zai faɗa kusa da casa'in, in kuma hukuncin Majo na farko ne gaskiya zai yi duhu ya wuce launin ƙarshe. Na kuma gaya musu tsinke ba ya faɗar lamba daidai, unguwar kawai yake nunawa.

Baba da yanar idonsa ba ya ganin launi sosai, Majo kuma ya ce shi mai laifi ne, ba zai zama alƙali ba. Sai aka miƙa wa Buzu, wanda bai san ko baƙi ɗaya na boko ba amma yana gane raƙuminsa daga nesa. Ya fita haske, ya kara, ya juya, ya ɗora yatsa a kan launi ɗaya. Mushe ya leƙa ya ce casa'in.

Sannan na ji muryar Baba, a hankali, yana tambayar Majo.

"Majo, kana nuhin ba ni da komi?"

"Ba ka da komi sai yunwa. Ni nas sa maka ita. Ka gahwarta mini."

Baba ya ce zai yi tunani a kan gafarar bayan ya sha fura. Inna dama tana laɓe a bayana da ƙwarya a hannu, ta dama tun da asuba, ta ce ita ba ta jira tsinke ba tunda kiyashi sun riga sun gaya mata. Ta ture ni ta shiga. Majo ya fara cewa a bi a hankali, cikin da ya daɗe babu komai ba a cika shi lokaci guda, kuma wannan karon gaskiyarsa ce, na goyi bayansa daga bayan asabari. Baba ya sha ludayi biyar ya tsaya, ya ce saura rabi, ya ƙara.

Labarin ya zaga unguwa, kuma Majo da kansa ya fi kowa yaɗa shi. Ya rubuta sha takwas a cikin murfin akwatin tabaraunsa. Duk ɗan kasuwar da ya dawo da takardar asibiti daga Sakkwato ko Kano, Majo sai ya miƙar da ninkin ya nemi ƙananan haruffa kafin ya buɗe baki, in kuma ya yi shakka ya turo mini. Ya riƙa gaya wa mutane cewa shi ya gano gajeriyar hanyar bugawa da sha takwas. Ban taɓa musa masa ba, ai a ƙarƙashin bedin nan shi ya gano ta.

A ranar da la'asar Buzu ya wanke butarsa ya hura gawayi. Ina tsakar gida ina tankaɗe ina jin ƙarar shayi yana zuba daga sama, ina jin su suna gardamar ƙwaya nawa za a jefa. Can sai Mushe ya shigo riƙe da ɗan kofi a kan faranti, yana murmushi. Kofi na uku ne, wanda ya fi zaƙi, wanda Baba ba ya bar wa kowa. Na tambaye shi na wa ne. Ya ce Baba ya ce a kai wa Sha Takwas.

Sunan ya bi ni. Inna ta ɗauka, 'ya'yana sun tashi suna ji, har yau akwai tsofaffi a Tawa da ba su san ina da wani suna ba. Baba ya yi shekara tara bayan wannan, an cire masa yanar, ya koma ɗinkin fata, kuma ba a yi la'asar ɗaya ina gida da kofin nan bai shigo ba. Ni ba na son shayi mai zaƙi haka, yana sa mini ciwon kai. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kullum ina shanyewa.

Bayan rasuwarsa da aka buɗe jakar fatar, takardar Sakkwato tana ciki. An miƙar da ita, an manna ta a kan wata fata mai laushi don kada ta sake ninkewa, an bi gefenta da ɗinki irin nasa. Inna ta ce tawa ce, shi ya faɗa tun da rai. Ran sadakar bakwai Buzu ya hura gawayi kamar kullum, don mutane sun taru. Ina cikin mata sai na ga Majo, ya tsufa ƙwarai, ya tsaya a bakin asabari da faranti a hannu, kofi na uku a kai. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na shanye.